Wa Za Ka Fara Bi? Yadda Ake Karanta Rahoton Daɗewar Bashi

'Yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen akanta da na kula da harkar kasuwanci, a aji an koya mana yadda ake shigar da cinikin bashi a leja, an kuma koya mana yadda ake ware kuɗi saboda bashin da ake shakkar dawowarsa. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani aiki da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi aka fi ɗora wa ɗalibin da ya je horon aiki. Za a miƙo maka takarda mai ɗauke da sunayen waɗanda kamfani ke bi bashi, a ce ka bi su. Kai kaɗai ne, waya ɗaya ce, ranar kuma ba ta ƙaruwa. To wa za ka fara kira?

Yawancin mutane ɗayan biyu suke yi: ko su fara da wanda kuɗinsa ya fi yawa, ko su fara da wanda bashinsa ya fi tsufa. Abin da na koya a shekarar horon da na yi bayan ND, a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, shi ne duka biyun suna iya ɓatar da kai. Wanda ya kamata ka fara bi shi ne wanda jinkirinka zai fi jawo asara a kansa. Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, ku ga yadda ake gano shi.

Mene ne rahoton?

Rahoton daɗewar bashi jadawali ne da ke ɗaukar abin da ake bin kowane kwastoma ya rarraba shi gida-gida bisa kwanakin da ya yi. A QuickBooks za ka gan shi da sunan A/R Aging Summary, mai cikakken bayanin kuma A/R Aging Detail. A Sage 50 sunansa Aged Receivables. Gidajen galibi biyar ne: wanda wa'adinsa bai cika ba, sai kwana 1 zuwa 30, sai 31 zuwa 60, sai 61 zuwa 90, sai abin da ya haura 90.

Kafin ka karanta ko lamba ɗaya, tambayi daga ina aka fara ƙirga kwanakin. Wasu daga ranar da aka rubuta inbois suke ƙirgawa, wasu daga ranar da wa'adin biya ya cika. Ɗauki inbois ɗin da aka rubuta ranar 12 ga Mayu da wa'adin kwana 30. Wa'adinsa zai cika 11 ga Yuni. Idan aka fitar da rahoto ranar 30 ga Yuni, ya yi kwana 49 da rubutawa, amma kwana 19 kacal ya makara. A ƙirga ta farko zai faɗa gidan 31 zuwa 60, a ta biyu kuma gidan 1 zuwa 30. Inbois ɗaya, gida biyu. Don bin bashi, ƙirga daga ranar wa'adi ta fi amfani, domin ba ka da ta cewa da mutumin da lokacinsa bai yi ba.

Idan inda kake aiki da Excel suke yi, sa sunan kwastoma a A, ranar wa'adi a D, ragowar kuɗi a E, ranar rahoto kuma a H1. Layi na farko a nan ƙasa zai ba ka kwanakin makara a F. Na biyu zai tara abin da kwastoman da ke J2 yake da shi a gidan 31 zuwa 60.

```
=$H$1-D2
=SUMIFS(E:E,A:A,J2,F:F,">=31",F:F,"<=60")
```

Ka rubuta ranar rahoton da hannunka a H1. Idan ka sa TODAY(), lambobin za su riƙa sauyawa kullum, kuma ba za ka iya kwatanta rahoton wannan watan da na wancan ba.

Misalinmu

Ga jadawalin da na tsara mana, na wani kamfani mai sayar da shinkafa, man girki da taliya a kan wa'adin kwana 30. Ranar rahoto 30 ga Yuni, an ƙirga daga ranar wa'adi, kuma duk lambobin dubban naira ne.

| Kwastoma | Bai cika ba | 1–30 | 31–60 | 61–90 | Sama da 90 | Jimla |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Babban dila | 4,200 | 600 | 0 | 0 | 0 | 4,800 |
| Mai kanti | 500 | 900 | 1,100 | 600 | 0 | 3,100 |
| Makarantar kwana | 0 | 0 | 1,900 | 0 | 0 | 1,900 |
| Ɗan kwangila | 0 | 0 | 0 | 0 | 1,400 | 1,400 |
| Otal | 700 | 300 | 0 | 0 | 250 | 1,250 |
| Hajiya mai abinci | 0 | 0 | 350 | 0 | 0 | 350 |
| Jimla | 5,400 | 1,800 | 3,350 | 600 | 1,650 | 12,800 |

Fara da layin ƙasa. Kamfanin yana bin naira miliyan 12.8, amma miliyan 5.4 daga ciki lokacinsu bai yi ba. Abin da ya makara miliyan 7.4 ne, wato kusan kashi 58 cikin ɗari. Ga kamfanin da ya ce kwana 30 yake bayarwa, wannan ya yi yawa. Sai dai layin ƙasa ciwon kawai yake nuna maka, ba ya gaya maka inda yake. Wannan sai ka hau layi-layi.

Tace rahoton tukuna

Rahoto abin da aka shigar masa yake faɗa, ba lallai abin da ya faru ba. Don haka kafin ka ɗaga waya, ɗauko takardar banki ka duba kuɗaɗen da suka shigo ba a san mai su ba. A misalinmu akwai naira 350,000 da suka shigo tun 20 ga Mayu da sunan wani mai POS. Da aka bi diddigi, sai ga shi Hajiya mai abinci ce ta ba shi tsabar kuɗi ya tura. Ta biya, ba a dai shigar a asusunta ba. Da ka kira ta kana cewa an daɗe ana binta, da ka ɓata wa kamfani kwastoma mai cika alkawari, kai kuma ka sha faɗa.

Irin wannan yana zuwa ta hanyoyi da yawa. Akwai kayan da aka dawo da su sito amma ba a rubuta takardar rage bashi ba. Akwai inbois da aka shigar sau biyu. Akwai kuma 'yan ƙananan ragowa da ke maƙale a asusun hukumomi da manyan kamfanoni saboda harajin da suke cirewa kafin su biya. Wannan ba kuɗi za ka nema ba, shaidar cire harajin za ka nema.

Bayan an cire na Hajiya, jimlar bashi ta koma miliyan 12.45, abin da ya makara kuma miliyan 7.05. Saura kwastoma biyar.

Siffar layi ta fi jimlarsa magana

Yanzu ka rufe gidan jimla da hannunka, ka dubi inda kuɗin kowa ya zauna.

Babban dila shi ne na sama, miliyan 4.8. Amma miliyan 4.2 ba su kai lokaci ba, kuma babu ko kwabo da ya wuce kwana 30. Haka layin mai yawan saye da yawan biya yake kama: nauyinsa duk a hagu. Yawan kuɗinsa shaidar yawan cinikinsa ne.

Makarantar kwana tana da dunƙule ɗaya a gida ɗaya, babu komai gabansa, babu komai bayansa. Inbois ɗaya ne ke nan. Sau da yawa idan ka ga haka a wajen makaranta ko hukuma, takarda ce ta maƙale a wani tebur, ko kuma lokacin shigowar kuɗinsu ne bai zo ba.

Layin otal yana da rami a tsakiya. Akwai kuɗi a gidajen farko, sifiri a gida biyu, sai kuma 250,000 can a ƙarshe. Ka yi tunani: wanda ba shi da kuɗi ba zai biya na Afrilu da na Mayu ya tsallake na Fabrairu ba. Da gangan ya tsallake shi. Wannan alamar saɓani ce, ko kaya sun zo da lahani, ko ba su cika ba, ko farashin da aka rubuta ba shi aka yi ciniki a kai ba. Abin lura a nan, idan mai shigar da kuɗi yana ɗora duk abin da aka biya a kan inbois mafi tsufa ba tare da duba wanda kwastoma ya ce ya biya ba, ramin nan zai ɓace, saɓanin kuma ya ɓuya har sai ya girma.

Ɗan kwangila duk kuɗinsa na gidan ƙarshe. Gidan nan yana da wata matsala: ba shi da bango a baya. Bashin kwana 95 da na kwana 400 duk a nan suke kwana. Dole ka buɗe cikakken rahoto. A misalinmu ya yi kwana 210 da makara, bai sake sayen komai ba, wayarsa ma ba ta shiga.

Sai mai kanti. Shi kuɗinsa ya bazu a gida huɗu a jere kamar matakala: 500, 900, 1,100, 600. A nan ne za ka ɗauko rahoton watan da ya wuce. Ranar 31 ga Mayu layinsa ya nuna 900 da bai cika ba, 1,100 a gidan 1 zuwa 30, da 600 a gidan 31 zuwa 60. Ka gani? Lambobin nan uku ba su sauya ba, kowace ta matsa gida ɗaya ne zuwa dama. Ma'ana duk watan Yuni bai biya ko sisi ba, kuma a cikin watan an ƙara masa kayan naira 500,000. Iyakar bashin da aka yanka masa miliyan 2.5 ce, yanzu ya haura ta da 600,000. Mutumin da a da yake biya kan lokaci, ya daina, kuma yana ci gaba da ɗaukar kaya. Rahoto ɗaya ba zai nuna maka wannan ba, sai ka jera biyu.

Me zan rasa idan na jira?

Ga lissafin da ke raba gardama. Kowane kamfani zai iya duba tarihinsa ya ga kashi nawa na bashin da ya kai kowane gida ne ke salwanta a ƙarshe. Masu karatun IFRS 9 za su gane shi, domin da irin wannan jadawalin ake ƙiyasta asarar da ake tsammani a bashin ciniki. Mu ɗauka, don misali kawai, na wannan kamfanin haka yake: kashi 1 ga wanda bai cika ba, kashi 3, kashi 10, kashi 25, sai kashi 60 ga gidan ƙarshe. Ba doka ba ce, kowa da nasa.

Asarar da ake tsammani a kan mai kanti a yau ita ce 5 da 27 da 110 da 150, jimla 292, wato naira 292,000. Idan aka bar shi wata guda bai biya ba, kowace lamba za ta sake matsawa gida ɗaya, lissafin ya zama 15 da 90 da 275 da 360, jimla 740. Jiran wata ɗaya ya ƙara naira 448,000 ke nan, ko da ba a ƙara masa kaya ba.

Ɗan kwangila fa? Kashi 60 na miliyan 1.4 shi ne 840,000, wanda ya fi na kowa. Amma wata mai zuwa, a wannan jadawalin, 840,000 ɗin ne dai. Ɓarnar ta riga ta faru. Ba ina nufin tsohon bashi ba ya ƙara lalacewa ba ne, yana yi, amma bambancin kwana 210 da 217 bai kai bambancin kwana 60 da 90 ba. Idan ka yi wa sauran wannan lissafin, makaranta za ta tashi daga 190 zuwa 475, ƙarin 285. Dila ƙarin 126, otal kuma 35.

To ga jerinmu ya fito: mai kanti, makaranta, dila, otal. Da sanyin safiya ake kama fara. Bashin da yake kan hanyar lalacewa shi ne ƙoƙarinka zai iya cetowa.

Kuma kada ka raina abin da ke kan layi. Idan ribar kamfanin naira 5 ce a kowace 100, kuma mai kanti ya rufe da miliyan 3.1, sai an sayar da kayan naira miliyan 62 kafin a cike gurbin. Kayan masarufi ribarsu siririya ce, shi ya sa bashi ɗaya ke iya cinye gumin watanni.

Kowa da irin bibiyarsa

Mai kanti, yau. Matakin farko ma ba kiransa ba ne. Sanar da manaja da mai kula da sito a dakatar da ba shi kaya sai da kuɗi hannu, don kada ramin ya ƙara zurfi. Wannan hukuncin manaja ne, kai naka ka kai masa rahotannin biyu ka nuna masa matakalar. Sannan a je kantin ido da ido, da takardar bayanin asusunsa a hannu. Zuwan yana da amfani biyu: za ka yi magana da shi, kuma za ka ga ko kantocinsa cike suke ko sun fara zama wayam. Kada ka ce masa, "Alhaji, ana binku kuɗi fa." Amsar wannan kullum ita ce "In sha Allahu za a duba." Ka ce, "Ranka ya daɗe, inbois na watan Maris, naira dubu ɗari shida, ya haura wata biyu da cikar wa'adi. Wace rana za mu sa ran shigowarsa?" Lamba, adadi, rana. Idan ya ce ba zai iya biya gaba ɗaya ba, a rubuta yarjejeniyar biya kashi-kashi, a fara da mafi tsufa, ya sa hannu. Sa hannun nan kansa riba ne, domin ya amsa bashin a rubuce.

Makaranta, cikin makon nan. Ita agogon da ke bin ta daban ne: zango na uku yana ƙarewa a Yuli, idan aka tafi dogon hutu sai Satumba. Je ofishin basa ka tambayi abu uku. Inbois ɗinmu ya iso? Takardar shaidar karɓar kaya tana haɗe da shi? Sa hannun wa ake jira? Sau da yawa amsar ɗaya daga ciki ita ce dukkan matsalar. Manufarka ita ce sunan kamfaninku ya shiga jerin waɗanda za a biya kafin a rufe.

Dila, kira ɗaya na girmamawa ya isa, irin na tunatarwa. Amma ka sa masa ido kowane mako, domin shi kaɗai yake riƙe da kusan kashi 39 cikin ɗari na bashin kamfanin. Ranar da ka ga kuɗinsa ya taka gidan 31 zuwa 60, ranar ya koma na ɗaya a jeri.

Otal, ba kai za ka warware shi ba, amma kai za ka tayar da maganar. Kira ka tambayi dalilin tsallake wancan inbois ɗin. A ce sun amsa cewa katan goma na man girki sun zo a fashe. Sai ka kai wa mai tallan da ya yi cinikin da mai sito, a duba takardar kai kaya. Idan gaskiya ne, a rubuta takardar rage bashi na katan goman, su biya sauran. Matsa wa mai ƙorafi lamba ba tare da sauraron ƙorafinsa ba yana iya sa ya riƙe har sababbin da yake biya.

Ɗan kwangila ba a yafe masa ba, hanyarsa ce ta sauya. Kiran waya na ashirin ba zai yi abin da sha tara suka kasa ba. Haɗa fayil ɗinsa: inbois, shaidar karɓar kaya, da duk saƙon da ya taɓa amsa bashin a ciki. Miƙa wa manaja don a rubuta masa takardar neman biya mai wa'adi, a nemi wanda ya kawo shi ko ya tsaya masa, idan ta ƙi a kai ga lauya. A littafi kuma a ware masa kuɗin asara. Aikin awa ɗaya ne, kada ya cinye maka mako.

Inda rahoton ya tsaya

Rahoton hoton rana ɗaya ne. Wanda ya biya 1 ga Yuli zai fito a matsayin mai makara a rahoton 30 ga Yuni, don haka duba banki da safiyar ranar da za ka yi kira. Bai san alkawarin baki ba: wataƙila mai kamfani ya ce wa wani ya bari sai bayan Sallah, ba wanda ya rubuta. Tambayi manaja kafin ka kira manyan kwastomomi. Kuma ana iya yi masa kwalliya. Idan aka soke tsohon inbois aka sake rubuta shi da sabuwar rana, bashin kwana 80 zai dawo gidan farko kamar jariri. Za ka gane haka idan gidan tsofaffi ya ragu amma babu kuɗin da ya shigo banki, jimlar kwastoman kuma ba ta motsa ba.

Duk kiran da ka yi, rubuta ranar, wanda ka yi magana da shi, abin da ya yi alkawari da ranar da ya sa. Washegarin ranar alkawarin, duba banki. Wanda ya saɓa sau biyu ya hau sama a jerinka, komai ƙanƙantar kuɗinsa, domin ya gaya maka abin da jadawali bai riga ya nuna ba.

Ga aikin gwaji kafin fitowa ta gaba. A ce ranar 31 ga Yuli mai kanti ya biya 600,000 ɗin nan kawai, ba a ƙara masa kaya ba. Makaranta ba ta biya ba kuma an tafi hutu. Dila ya biya 600,000 da ya makara, amma daga cikin miliyan 4.2 ɗinsa miliyan 3 sun shiga gidan 1 zuwa 30, sauran ya biya, bai ɗauki sabon kaya ba. Sake zana layukan ukun, yi lissafin abin da jiran wata ɗaya zai ƙara a kan kowanne, sannan ka duba ko wanda lissafi ya sa a gaba shi ne wanda kiranka zai iya motsawa a wannan makon.